Agogon Mahaifina Ya Ƙi Motsi a Cikin Labarina

Assalamu alaikum, Malama. Na kammala littafina na farko, ga shi nan na haɗo miki. Babi 24 ne, labarin wata yarinya tun tana shekara 11 har ta kai 19. Na sa agogon hannun mahaifinta ya riƙa fitowa a ciki don ya zama alamar rashin da ta yi. Mutum biyu suka karanta mini. Ɗaya ta ce ba ta ga aikin da agogon yake yi ba, ɗayar kuma ta ce na cika bayaninsa har ya gundure ta. Gaskiyar magana, agogon na mahaifina ne, ya rasu ina ƙarama, kuma har yau yana wurina. Maganarsu ta yi mini ciwo, na kasa sake buɗe rubutun. In cire shi ne gaba ɗaya, ko akwai yadda zan yi?

Ƙanwarki, wata sabuwar marubuciya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa.

Kada ki cire shi. Na karanta littafin tun daga bango har bango, kuma mafi kyawun shafukan da kika rubuta a jikin agogon nan suke. Abin da ya same shi ciwo ne da ake iya gani da ido a kan takarda, kuma akwai hanyar gano shi wadda ba ta buƙatar ki yarda da ra'ayin kowa, har da nawa. Hanyar ita ce ki bi sawun agogon babi bayan babi, ki rubuta abin da kika gani, kafin ki yarda zuciyarki ta faɗa miki abin da kike nufi da shi.

Ki samu takarda mai faɗi ki ja mata layuka biyar daga sama zuwa ƙasa. A na farko ki sa lambar babi da shekarun yarinyar a lokacin. A na biyu, a hannun wa agogon yake. A na uku, me aka yi da shi, kuma kalma ɗaya tak ta aikatau nake so a nan, kada ki ba wa kanki damar yin jimla. A na huɗu, wane hali yake ciki: yana tafiya ko ya tsaya, gilashinsa lafiya ko ya tsage, a ɗaure yake ko a ɓoye. A na biyar, me yake faruwa da yarinyar a babin, ba tare da kin ambaci agogon ba. Kada ki buɗe layi na shida don ma'ana. Duk wanda ya fara da tambayar "me abin nan yake nufi" zai samu amsa ɗaya a babi na farko, ya yi ta manna ta a kan sauran babukan, ya daina ganin abin da yake a shafin. In a kwamfuta kika rubuta, neman kalmar "agogo" zai taimaka miki, amma ba zai wadatar ba. Akwai wuraren da kika ce "ta ɗauko shi" kawai, akwai inda aka ji bugunsa ba a kira sunansa ba, akwai inda ta shafa wuyan hannunta. Waɗannan sai da ido, don haka ki karanta da fensir a hannu.

Na yi wannan aikin a kan rubutunki, ga abin da ya fito. Agogon ya bayyana a babi goma: 1, 2, 3, 4, 6, 7, 9, 18, 21 da 24. Bakwai daga ciki suna cikin babuka tara na farko. Daga babi na 10 zuwa na 17, babi takwas cur, babu shi babu labarinsa. Yanzu ki dubi layi na uku shi kaɗai, ki karanta kalmomin daga sama zuwa ƙasa: saurara, rasa, wana, duba, duba, duba, huda, duba, duba, ɗaura. Rabin fitowarsa "duba" ce. A babi na 4 tana shekara 11 ta ɗauko shi ta duba ta yi kuka. A na 21 tana shekara 18 ta ɗauko shi ta duba ta yi kuka. Shekara bakwai tsakani, yarinyar ta sauya murya, ta sauya ƙawaye, ta sauya yadda take amsa wa mahaifiyarta, amma da ta zo gaban agogon sai ta koma ita ce ta babi na 4.

A nan ne zancen irin littafin da kike rubutawa ya shigo. Labarin tasowa, wanda yake ɗaukar yaro daga ƙuruciya ya kai shi mallakar hankalin kansa, jigonsa sauyi ne. Shi kuwa sauyin hankali ba ya ganuwa kai tsaye, ba za ki iya nuna shi da yatsa ba. Amfanin abu guda mai maimaituwa a irin wannan labari shi ne ya zama wurin da mai karatu yake komawa ya auna tazarar da aka yi. Abin yana nan yadda yake, mai riƙe da shi ce take sauyawa, kuma bambancin da yake tsakanin riƙo na farko da na biyu shi ne alamar. In riƙon bai sauya ba, ma'aunin ya gaya wa mai karatu cewa yarinyar ba ta girma ba, alhali sauran littafin yana cewa ta girma. Sai marubuciya ta ji a jikinta cewa wurin ba ya magana, ta ƙara masa bayani don ta cike giɓin. Shi ya sa masu karatunki biyu ba saɓa wa juna suka yi ba. Abu ɗaya suka gani, ɗaya ta hango ramin, ɗayar ta hango abin da aka zuba a cikinsa.

Bari in daɗe a babi na 3, domin a can kika nuna kin san aikin tun kafin wani ya koya miki. An ba yayanta agogon bayan rasuwar, shi kuma ya jefa shi cikin durowa ya manta. Yarinyar ta tashi cikin dare, ta lallaɓa ta buɗe durowar, ta murza ɗan kan da yake gefensa yadda ta saba ganin mahaifinta yana yi kowace safiya, ta kara shi a kunne har ta ji ya ɗauka, ta mayar ta koma ta kwanta. Ba ki ce tana baƙin ciki ba. Ba ki ce ba ta yarda mahaifinta ya tafi ba. Amma duk wanda ya karanta babi na 1, inda uban yake wana agogon ya kara mata a kunne, ya san abin da yarinyar take ƙoƙarin hanawa ya tsaya. T. S. Eliot, marubucin waƙoƙi da sharhin adabin Turanci, a wata maƙala da ya rubuta a 1919, ya kawo ra'ayin cewa hanyar isar da motsin zuciya a adabi ita ce a samo wani abu, ko wani yanayi, ko jerin aukuwa, wanda da zarar an ajiye shi a gaban mai karatu zai tayar masa da wannan motsin da kansa. Babi na 3 haka ya yi. Kuma ki lura da dalilai uku da suka sa ya yi: yarinyar ta aikata wani abu da hannunta, abin da ta aikata yana da haɗari domin za a iya kama ta, kuma aikin ya fito ne daga halittar agogon kansa, wanda in ba a wana shi ba zai mutu.

Wannan na ukun shi ne gwajin da nake so ki yi wa kowace fitowa. Ki cire agogon ki sa zobe a madadinsa, ki sake karanta wurin. A babi na 3 wurin zai rushe, domin ba a wana zobe. A babi na 9 ma, inda ta huda maɗaurinsa, zai rushe. Amma a na 4, 6, 7 da 21, zoben zai zauna daram, hula ma za ta zauna, hoto ma haka. Duk inda za a iya musanya abin da wani ba tare da an yi asarar komai ba, ba agogon ne yake aiki a wurin ba, kayan marigayi ne kawai. Agogo yana da abubuwan da suka keɓanta da shi: yana bugawa, yana tsayawa, yana iya yin gaba ko ya yi baya, yana nuna sa'ar da ya tsaya a kanta, ana ɗaura shi a jiki, kuma an yi maɗaurinsa ne daidai hannun wani. Daga cikin waɗannan za ki riƙa ɗibar ma'ana, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kin ƙarar da su a wuri guda ba.

Yanzu ga wani abu da takardar ta tona, wanda layi na huɗu ne ya kama shi. A babi na 18 yarinyar ta tono agogon daga ƙasan akwati, kika ce ta yi shekaru ba ta taɓa shi ba, sannan kika ce ta ji yana bugawa. Agogon da ake wanawa da hannu ba ya yin haka. Sifirin ɗin da yake cikinsa, in an wana shi ya cika, galibi kwana ɗaya da rabi zuwa biyu yake ɗauka ya saki, daga nan agogon ya yi shiru. Ke da kanki kika koya wa mai karatu wannan a babi na 1 da na 3, don haka zai kama ki. Amma kada ki gyara wurin ta hanyar share jimlar kawai. Kuskuren yana nuna miki tambayar da littafin bai amsa ba: yaushe ta daina wana shi, kuma me ya sa? Yarinyar da ta sayar da barcinta don kada agogon ya tsaya, akwai ranar da ta bar shi ya tsaya. Wannan ranar tana cikin babuka takwas ɗin da ya ɓace, kuma ba ki rubuta ta ba.

Ki koma layi na biyar ki dubi abin da yake faruwa a tsakanin. A babi na 13 ta yi faɗa da aminiyarta a makaranta. A na 15 kuɗin jarrabawa ya gagara. A na 16, tana shekara 15, ta ji daga bakin da ba ta zata ba cewa mahaifinta ya bar bashi mai nauyi, wanda mahaifiyarta ta yi shekaru tana biya a ɓoye, tana rufa masa asiri a wurin 'ya'yansa. Wannan shi ne ƙashin bayan littafinki. A nan ne yarinyar ta fara ganin ubanta a matsayin mutum mai rauni kamar kowa, kuma babu wani mataki na girma da ya fi wannan zafi. A babin da tunaninta game da mahaifinta ya juye, abin da yake wakiltar mahaifin bai leƙo ba ko sau ɗaya. Ya zo duk inda ake kewar uban, ya ɓuya a wuri ɗaya da ake fushi da shi.

Ina ganin na san dalili, kuma zan faɗa miki da tausayi, ba da zargi ba. Ki sake duba layi na huɗu. Ban da hujin babi na 9, babu abin da ya taɓa samun agogon nan a cikin babi 24. Bai faɗi ba, bai tsage ba, bai ɓata ba, ba a yi tayinsa ba, ba wanda ya raina shi. Kina kare shi, domin duk lokacin da kika rubuta kalmar, wanda yake cikin ɗakinki kike gani. Wannan ba laifi ba ne, kowace 'ya za ta yi haka. Sai dai yarinyar littafin tana buƙatar ki ba ta izinin yin abin da ke ba za ki taɓa yi wa naki ba. Dabarar da nake ba ki ƙarama ce amma tana aiki: ki sauya masa kama. In naki fari ne, na littafin ya zama ruwan zinariya. In maɗaurin naki baƙi ne, nata ya zama ja. Ki ba shi wani tabo da naki ba shi da shi. Da zarar kin rufe ido kin ga wani agogo dabam, hannunki zai saki. Mahaifin littafin ma haka, bashin da ya bari na labari ne, kuma fushin da yarinyar za ta yi da shi bai taɓa mahaifinki ba.

Ga yadda nake ganin babi na 16 zai iya ɗaukar agogon, ke kuma ki yi shi da naki salon. Ki dasa a babi na 11 ko 12, da jimla ɗaya ko biyu, cewa har yanzu tana wana shi kowace safiya, ya zama mata jiki kamar wanke fuska. Washegarin ranar da ta ji labarin bashin, ta ɗauko shi yadda ta saba, yatsunta suka kai kan abin murzawar, sai ta ajiye ba ta murza ba. Kada ki ce komai a kai. Ki bar agogon ya ci gaba da tafiya da ragowar wanin jiya, ita kuma ta yini tana sane da shi, ta kwana tana jin bugunsa a cikin shirun dare, ta san da yatsa biyu za ta iya cetonsa, ta ƙi. Wani lokaci kafin gari ya waye ko bayan ya waye, ya tsaya. Kin ga yanzu babi na 16 ya zama kishiyar babi na 3: dare ne a duka biyun, yarinya ɗaya, agogo ɗaya, amma a can ta tashi don kada ya mutu, a nan ta kwanta ta bar shi. Mai karatu zai haɗa su da kansa, kuma daɗin da zai ji na cewa shi ya gano ya fi duk wani bayani da za ki ba shi.

Da kin yi wannan, babukan baya za su gyaru kusan da kansu. A na 18 ba za ta ji bugu ba, za ta ga hannayen agogon a tsaye kan sa'ar da ya daina bugawa, sa'ar da ita kaɗai ta san abin da ya faru a cikinta. A na 21, maimakon duba da kuka, tana iya gwada wana shi ya ƙi tashi, domin agogon da ya daɗe a ajiye man da yake cikinsa kan bushe ko ya daskare, sai an kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke ya sa sabon mai. To, ga shawara a gabanta: ta kai ko kada ta kai? In ta kai, da guminta za ta biya, kuma wani baƙo zai buɗe bayan agogon ya taɓa cikinsa ba tare da ya san na wane ne ba. Yafiyar yarinya mai shekara 18 ke nan a aikace, ta gyara abin bayan ta san duk abin da mai shi ya yi. Ban ce lallai haka za ki bi ba. Kina iya sa ta ba mahaifiyarta, wadda ita ce ta biya bashin kuma ba a taɓa tambayarta ko tana son agogon ba. Na lura layi na biyu bai taɓa nuna shi a hannun uwar ba sai na ɗan lokacin da ta miƙa wa ɗanta a babi na 2, kuma wannan ƙofa ce da take a buɗe.

Babi na 15 zai jarrabe ki. Kuɗi ya gagara, ga agogo a hannu, duk mai karatu zai yi tunanin sayarwa. Anton Chekhov, marubucin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Rasha, ya rubuta a wata wasiƙa a 1889 cewa bai kamata a ajiye bindiga mai harsashi a dandalin wasa ba in babu mai niyyar harba ta. Agogo mai daraja a gidan da ake neman kuɗi irin wannan bindigar ce, don haka ba za ki iya yin kamar ba ki gan shi ba. Amma ba dole ne a sayar ba. Ya isa yayanta ya kawo maganar, ita ta ƙi da zafi, ta kare martabar mahaifinta da dukan ƙarfinta. Babi ɗaya bayan haka ta ji labarin bashin. Ƙin sayarwar zai sa faɗuwar ta fi tsawo.

Sai maɗaurin, wanda kika fara abu mai kyau da shi kika manta. A babi na 9 agogon ya yi mata yawa, ta ɗauki ƙusa ta huda sabon huji a fatar, can ciki da sauran. Wannan hujin ma'aunin girma ne da kika ƙera da hannunki. Maɗaurin fata da aka daɗe ana ɗaurawa yana ajiye shaida, hujin da mai shi yake amfani da shi yakan buɗe, fatar ta karye a wurin ta yi layi. Ke nan a jikin maɗaurin akwai wurin uban, akwai wurin yarinya mai shekara 12, akwai kuma hujojin da suke tsakani. A babi na 24 kin rubuta sakin layi mai tsawo inda ta bayyana cewa agogon ya koya mata lokaci ba ya dawowa kuma yanzu ta girma. Ki cire shi duka. Ki bar ta ta zo ɗaurawa ta tarar hujin ƙusar ya matse ta, ta matsa zuwa na gaba, ɗaya daga cikin na asali, wanda har yanzu bai kai na uban ba. Jimla biyu sun isa, kuma sun faɗi fiye da abin da sakin layin ya faɗa, har da cewa hannunta ba zai taɓa zama nasa ba kuma ba ya buƙatar ya zama.

Wannan jarabar ta bayani tana da tushe a yadda kika tsara muryar labarin. Yarinyar ce take ba da shi da bakinta bayan ta girma, saboda haka murya biyu ce a kowane shafi, ta ƙaramar da abin yake faruwa da ita, da ta babbar da take waiwaye. Babbar ta san ƙarshen labari, kuma kullum tana son ta riga ƙaramar magana. A babi na 6 kin sa yarinya mai shekara 11 tana tunanin cewa kowane bugun agogon "ƙidayar kwanakin maraici" ne. Yaro ba ya tunani haka. Abin da yaro yake lura da shi shi ne fatar tana ƙanshin mahaifinsa, ko bayan agogon yana da sanyi in an fara ɗaura shi. Ki bi duk jimlar da ta zo nan take bayan an ambaci agogon, ki ja layi ƙarƙashin wadda ta fara da "kamar dai", ko "wannan ya tuna mata cewa", ko "a lokacin ta gane". Yawancinsu za su tafi. In kina son babbar ta yi magana a kan agogon, ki ba ta dama sau ɗaya a duk littafin, kuma ya fi kyau abin da za ta faɗa ya zama tambayar da har yanzu ba ta da amsarta.

Game da babi na 4, 6 da 7, ɗaya ya isa, ni na 7 zan bari domin a can ne yayanta ya kusa kama ta. Kada kuma ki ɗauka giɓin tsakiya yana nufin ki cusa agogon a kowane babi. Ɓacewar abu ma tana magana, muddin mai karatu ya san inda aka bar shi da dalilin barinsa. Shirun da zai biyo bayan babi na 16 shiru ne mai nauyi, saboda an ga lokacin da ta juya masa baya. Shirun da yake cikin rubutun yanzu na mantuwa ne. Ki kuma yi hattara da ƙararrawar makaranta da agogon bangon ɗakin jarrabawa, waɗanda suka fito a babi na 10 da na 23. 'Yan'uwansa ne, suna iya riƙe masa wuri a kunnen mai karatu yayin da ba ya nan, amma kada ki ɗora musu ma'ana su ma, za su raba hankali.

Ki fara da cike takardar da hannunki, ko da na riga na ba ki sakamakona, domin za ki ga wuraren da ban gani ba. Daga nan ki rubuta babi na 16 kafin ki taɓa komai, tunda shi zai gaya miki abin da 18, 21 da 24 za su zama. Yanke-yanken su zo daga ƙarshe. In kin gama, ki sake rubuta layin aikatau ki karanta shi daga sama zuwa ƙasa. In wanda bai san littafin ba zai iya hasashen labarin yarinyar daga waɗannan kalmomi kaɗai, aikin ya yi. Sannan ki ba mutum na uku wanda bai ga rubutun farko ba, kuma kada ki tambaye shi me agogon yake nufi, don zai ƙirƙiro miki amsa ya faranta miki. Ki tsayar da shi a ƙarshen babi na 17 ki tambaye shi ina agogon yake yanzu, yana tafiya ko ya tsaya, kuma wa ya bar shi haka. In ya amsa ba tare da ya koma baya ya duba ba, ki ci gaba zuwa gyaran sauran littafin. In ya yi jim, ki turo mini babi na 11 zuwa na 16 mu sake dubawa tare.